Jarabawar ɗaukar aiki ta kwamfuta: wace tambaya zan tsallake, kuma yaushe canki-canka ke biya?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan Tudun Wada ne nan Kaduna, na gama bautar ƙasa, an kira ni jarabawar gwajin basira ta wani kamfani sati mai zuwa. Tambaya 60 ce a minti 45, lissafi da turanci da na zane-zane, zaɓi huɗu kowace. Idan ina firaktis a gida wajen ta 38 lokaci yake ƙare min. Kuma wasu na cewa ana rage maki in ka faɗi amsa. Dan Allah wanne zan riƙa tsallakewa, kuma in yi canki-canka ko in bar su haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a dace. Bari mu fara da agogo domin shi ne yake cin ka. Minti 45 sakan 2,700 kenan, ka raba wa tambaya 60 kowace ta samu sakan 45. Kai kuma da kake tsayawa a ta 38 kana kashe wajen sakan 70 a kowace tambaya, ma'ana akwai tambaya 22 da ko kallonsu ba ka yi ba, kuma wallahi a cikin 22 ɗin nan akwai waɗanda da ka gan su a sakan 20 za ka amsa. Abin da ya fi ba ni takaici kenan a wajen yaran da nake koyarwa, mutum ya iya abu amma ya faɗi sabida ya tsaya kokawa da tambaya ta 14 minti huɗu, alhali ta 52 tana can tana jiransa kuma makinsu ɗaya ne. A yawancin irin waɗannan jarabawoyin mai wuya da mai sauƙi maki ɗaya suke ɗauka, sai dai in umarnin ya faɗi akasin haka. Toh ka ɗauka an ba ka kuɗi ƙayyadaddu an tura ka Kasuwar Bacci aka ce duk kayan darajarsu ɗaya amma farashinsu daban, wanda ya fi yawan kaya shi ya ci, ai masu araha za ka fara kwashewa. Sakan ɗinka su ne kuɗin.

Abu na farko da za ka koya shi ne yanke hukunci a sakan goma na farko. Kana karanta tambaya ka tambayi kanka, na san hanyar da zan bi? Amsar iri uku ce kawai. Ko dai ka san hanya kuma gajera ce, wannan ka yi ta nan take. Ko ka san hanya amma doguwa ce, za ta ci minti ɗaya da rabi ko biyu, wannan ka yi mata alama ka wuce, za ka dawo. Ko kuma ba ka ma san ta inda za a fara ba, wannan ka yi canki-cankarka a wajen ka wuce kuma kar ka sake dawowa kanta. Mutane da yawa suna haɗa na biyu da na uku waje ɗaya, su ce "na tsallake", sai idan sun dawo zagaye na biyu su ƙara ɓata lokaci suna sake karanta tambayar da tun farko ba su iya ba. Misali an tambaye ka ma'anar wata kalmar turanci da tunda kake ba ka taɓa ji ba, ko minti goma ka zauna kana kallonta ba za ta zo ba, babu wani aiki da za ka yi a takarda ya fito maka da ita. Amma tambayar riba da faɗuwa mai mataki uku, wannan lokaci kawai take nema, in ka ba ta za ta ba ka maki. Ita ce ta cancanci dawowa.

Ga yadda nake so ka kasa mintin 45 ɗin. Zagaye na farko ka bi duk tambaya 60 ɗin daga farko har ƙarshe cikin kamar minti 28. Lissafin shi ne, in ka amsa 35 masu sauƙi a sakan 40 kowace, sakan 1,400 kenan, ka tsallake 25 a sakan goma kowace, 250, jimla 1,650, minti 27 da rabi. Sai zagaye na biyu minti 13, wanda zai ishe ka tambaya goma daga cikin masu doguwar hanya in kowace ta ci wajen sakan 75 zuwa 80. Minti huɗun ƙarshe ba na warware komai ba ne, na cike guraben da suka rage ne da duba cewa ba ka bar wani abu ba. Kuma kar ka riƙa kallon agogo bayan kowace tambaya, wannan kansa yana cin lokaci kuma yana ɗaga hankali. Ka riƙe tasha biyu kawai a ka: in agogon sikirin ya nuna saura minti 31 ya kamata kana kusa da ta 30, in ya nuna saura 17 ya kamata ka ga ta 60. In ka iso tashar farko kana ta 22, toh ka san kana tausayin tambayoyi da yawa, ka ƙara saurin tsallakewa.

Yanzu ka kwatanta. A tsarinka na yanzu ka amsa 38, mu ce ka ci 30, shikenan makinka 30. A wancan tsarin, cikin 35 masu sauƙi mu ce ka ci 32, cikin goma na zagaye na biyu ka ci 7, sauran 15 da ka yi wa canki-canka ka tsinci wajen 4, ka tashi da 43. Waɗannan alƙaluman misali ne na kawo maka, naka zai iya hawa ko sauka, amma ka lura ban ƙara maka ilimi ko ɗaya ba, wanda kake da shi ne dai aka sauya masa tsari.

Wajen gane mai doguwar hanya akwai inda ido yake yaudarar mutum, kuma a nan nake so ka natsu. Tsawon rubutu ba shi ne wuya ba. In ka ga tebur ko jadawali babba, na cinikin kamfani shekara biyar misali, kuma tambaya huɗu ko biyar ne a ƙarƙashinsa, kar ka gudu, domin minti ɗayan da za ka kashe ka fahimci teburin zai rabu ne a kan tambaya biyar, kuma yawanci biyu a ciki ɗauko lamba ne kawai ka raba ko ka debe. Haka dogon nassi na turanci mai tambayoyi da yawa a ƙasansa, ka fara karanta tambayoyin sannan ka shiga nassin kana neman amsarsu. Wadda za ka guje wa ita ce irin ta "mutum shida sun zauna a kewayen tebur, wane baya kusa da wane, wance tana hagun wane" kuma tambaya ɗaya tak ce a kanta. Minti uku za ka yi kana zana kujeru sabida maki ɗaya. In tambaya huɗu ce a kan zaman guda, toh ta zama abin dawowa a zagaye na biyu. Na zane-zane kuma, ka duba abu uku da sauri: shin siffar juyawa take, shin adadin wani abu ƙaruwa yake ko raguwa, shin baƙi da fari musanya suke. In ka duba ukun nan cikin sakan 20 ba ka ga dokar ba ka wuce. Irin waɗannan sau da yawa in ka dawo da sabon ido sai ka gan ta nan take, amma in ka ƙura mata ido sai ta ƙara rikice maka.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama masu ƙoƙari: ka fara tambaya, ka yi minti ɗaya, amsarka ba ta cikin zaɓi huɗun, sai zuciya ta ce ai na riga na sha wahala bari in ƙarasa. Mintin da ya wuce ya wuce, ko ka tsaya ko ka tafi ba zai dawo ba. Abin tambaya shi ne minti na gaba ina ya fi amfani. Ka'idata ita ce in ka kai sakan 90 a zagaye na farko kuma ba ka ga ƙarshen hanyar ba, ka ajiye. Amma in layi ɗaya ya rage ka ƙarasa abinka mana, ba a zubar da aikin da ya kusa nuna.

Sai maganar rage maki. Kar ka ɗauki zancen majalisa ko na guruf ɗin wasaf, ka karanta shafin umarni da zai fito kafin ka danna Start, a yawancin jarabawoyi agogo baya fara tafiya sai ka danna, kuma ka sake duba saƙon gayyatar da aka turo maka. In bai fito fili ba ka ɗaga hannu ka tambayi mai sa ido kafin a fara. Kowace jarabawa da dokarta. JAMB da ka rubuta, tambaya 180 a awa biyu, sakan 40 kenan kowace, ba a rage maki in ka faɗi, amma duk shekara sai ka ji yara suna baza jita-jitar ana ragewa, wasu har su bar gurabe sabida tsoro. Ita kuma SAT ta Amurka da can tana cire kwatan maki a kan kowace amsar da ba daidai ba, sai a 2016 aka daina. Kenan abin yana nan a duniya, amma ba a ko'ina ba.

In babu ragi, magana ta ƙare: kar ka bar ko ɗaya babu amsa. Gurbi sifili ne tabbas, canki-canka kuma ɗaya cikin huɗu ce, da babu gara ba daɗi. Har ma waɗanda za ka dawo kansu ka danna musu wani zaɓi kafin ka wuce sannan ka sa Flag ko ka rubuta lambarsu a takardar da aka ba ka, sabida in wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya ko lokaci ya yanke maka ba zato, a ƙalla akwai wani abu a wajen.

In kuma akwai ragi, ba tsoro za ka ji ba, lissafi za ka yi, kuma lissafin ba shi da wuya. Ɗauki tambaya 12 da ba ka san komai a kansu ba, zaɓi huɗu. In ka yi canki-canka ido rufe, a matsakaici za ka ci 3 ka faɗi 9. In kwata ake cirewa, 9 ɗin nan sun jawo maka asarar maki 2 da kwata, ka samu 3, ka ga har yanzu da 'yar riba. In kashi ɗaya cikin uku ake cirewa, asarar 3 ce riba 3, an yi canjaras. In rabi ake cirewa, asara 4 da rabi riba 3, nan kam ka yi faɗuwa, ido rufe baya biya. Toh amma duba abin da ke faruwa in ka iya fitar da zaɓi biyu da ka tabbata ba su ba ne: cikin 12 za ka ci 6 ka faɗi 6, ko da rabi ake cirewa ka samu 6 ka rasa 3, ribar maki 3. Sai in maki ɗaya cur ake cirewa ne ko bayan fitar da biyu za ka tashi canjaras, a nan sai wadda kake da ƙwaƙƙwaran dalili a kanta za ka taɓa. In kana son doka ɗaya da za ka riƙe, ga ta, `c` shi ne abin da ake cirewa, `p` kuma damar da kake da ita ta dacewa:

```
p > c / (1 + c)
```

In `c` kwata ne kana buƙatar damar da ta wuce ɗaya cikin biyar, ka ga zaɓi huɗu ya riga ya ba ka ita. In rabi ne sai ta wuce ɗaya cikin uku, wato fitar da zaɓi ɗaya canjaras ne kawai, sai ka fitar da biyu. Kafin ranar ka zauna ka yi wannan lissafin, ba a cikin ɗakin jarabawa ba.

Kaga kenan asalin gwanintar tana wajen fitar da zaɓi, kuma a lissafi ana iya yinta ba tare da an warware tambayar ba. Misali an ce Audu yana gama aiki a kwana 6, Bala a kwana 12, in sun haɗu kwana nawa? Zaɓi: 9, 4, 5, 3. Ko ka manta yadda ake yi, ka san in an taya Audu dole aikin ya yi ƙasa da kwana 6, 9 ta fita. Kuma da a ce Audu biyu ne za su gama a kwana 3, amma Bala bai kai Audu sauri ba, dole ya wuce 3, ita ma ta fita. Cikin sakan goma ka dawo tsakanin 4 da 5, rabi da rabi. Amsar 4 ce, domin ɗaya bisa shida da ɗaya bisa goma sha biyu sun ba da ɗaya bisa huɗu. Wani misalin, in an hana kalkuleta aka ce 387 sau 46, zaɓi 17,802 da 17,806 da 18,902 da 16,804. Bakwai sau shida 42 ne, dole amsar ta ƙare da 2, biyu sun fita. Sannan 400 sau 46 shi ne 18,400, tamu dole ta gaza haka, 18,902 ta fita. Ka samu 17,802 ba tare da ka yi dogon lissafi ba.

Sai dai ka yi hattara da zaɓin da ya yi maka murmushi da wuri. Masu tsara tambaya sun san kuskuren da mutane ke yi kuma da gangan suke sa shi cikin zaɓi. Buhun masara yana naira 50,000, ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20, nawa yake yanzu? Mai sauri zai ce 50,000 ai ya koma inda yake, kuma tabbas za ka gan ta a cikin zaɓin. Amma ya tashi zuwa 60,000 ne, kashi 20 na 60,000 kuma 12,000 ne, ya koma 48,000. A misalin Audu ma 9 ɗin nan ba haka kawai aka sa ta ba, tsakiyar 6 da 12 ce. Shi ya sa in tambayar lissafi ta yi kama da mai buƙatar aiki amma wani zaɓi ya fito maka ba tare da aiki ba, wannan zaɓin nake fara zargi. Hatsarin shi ne wanda ya faɗa irin wannan tarkon damarsa ta ma gaza ta mai ido rufe, sabida kai tsaye aka ja shi zuwa amsar da ba ita ba. A turanci kuma, irin wanda ake ba ka nassi a ce True, False ko Cannot say, abin da nassin ya faɗa kaɗai ake tambaya, ko da ka san abu gaskiya ne a duniya in nassin bai kawo shi ba amsar Cannot say ce.

Zancen wai C ta fi fitowa, ka manta da shi. A kwamfuta sau da yawa ana cakuɗa jerin tambayoyi har da na zaɓin ma, na kusa da kai ba lallai tsarinku ɗaya ba. Riƙe harafi ɗaya wajen cike gurabe a mintin ƙarshe baya ƙara maka dama kuma baya rage ta, amfaninsa kawai sauri, ba sai ka tsaya tunanin wanne zan danna ba. Canja amsa kuma, in ka ga dalili ka canja, kamar ka gano ba ka lura da NOT ko EXCEPT a tambayar ba. In zuciya ce kawai take rawa ka bar ta yadda take.

Duk wannan tsarin zagaye biyun ya dogara ne da cewa ana iya komawa baya, toh ka duba tun a shafin umarni ko akwai Previous. Wasu jarabawoyin kana danna Next ƙofa ta rufe, wasu kuma kowane sashe da agogonsa, minti 15 na lissafi in ya ƙare ya ƙare, ba za ka ɗauko ragowar na turanci ka kai can ba. In sashe-sashe ne ka yi zagaye biyun a cikin kowane sashe. In babu komawa, babu wani "zan dawo", hukuncin ya zama biyu: ko ka yi ta yanzu ko ka cinka ka wuce, kuma ka sa wa kanka iyakar minti ɗaya. Akwai kuma irin wadda kwamfuta ke ƙara wuya in kana ci ta rage in kana faɗi, a ita jero canki-canka da yawa a jere yana jawo matakinka ƙasa, gara ka amsa a tsanake. Wasu kamfanonin ma suna duba kashi nawa ka ci cikin waɗanda ka taɓa, in umarnin ya ce ana auna sauri da daidaito tare, ka tsaya a canki-cankar da ka fitar da zaɓi biyu, ka bar ta ido rufe.

Cikin satin nan da ya rage, ka yi firaktis da agogo na gaske, minti 45 cif, a kwamfuta in da hali ko a kafe ne, domin karatu a sikirin da lissafi a takarda yana cin sakan fiye da yadda kake zato. Kowace amsa ka sa mata alama a gefe: na tabbata, na fitar da biyu, ko ido rufe. In ka gama ka ƙirga kowane rukuni daban. In waɗanda ka ce ka fitar da biyu kana cin kusan rabinsu, fitarwarka tana aiki, ka yarda da ita ranar jarabawa. In kuwa biyu kawai kake ci cikin goma, toh amsar gaskiya kake jefarwa, ka koma ka duba wane irin tarko ne yake kama ka, kuma in jarabawar mai ragi ce ka rage canki-canka a wannan sashen. Sannan ka duba waɗanda ka tsallake ka warware su ba agogo, duk wadda ka ga ashe a sakan 30 take fita, ka rubuta irinta, gobe in ka gan ta ba ta cikin na tsallakewa.